Kafin Ka Miƙa Asaimen: Yadda Ake Mayar da Jadawalin Maki Ya Zama Jerin Dubawa

Malamai da yawa a jami'o'i da kwalejojin ilimi sun daina ba da tambaya tsurarta. Idan sun ba da asaimen, sukan haɗa da takardar umarni mai shafi ɗaya ko biyu, a ƙarshenta kuma akwai jadawali mai gidaje-gidaje da ke nuna yadda za a raba maki. A gefe ɗaya an jera abubuwan da malami zai auna. A sama an jera matakan maki, daga mafi kyau zuwa faɗuwa. A kowane gida an rubuta jimla ɗaya ko biyu da ke siffanta aikin da ya cancanci wannan mataki. Malamin da ya ba da irin wannan takarda ya buɗe wa ɗalibi sirrin makinsa tun kafin ya ɗauki biro. Duk da haka, ɗalibai da dama sukan karanta ta sau ɗaya ranar da aka raba, su cusa ta cikin jaka, ba su sake ganinta sai sakamako ya fito.

Ba lalaci ne kaɗai ke jawo haka ba. Jadawalin maki an rubuta shi ne domin mai duba aikin da aka riga aka gama, shi ya sa yake cike da kalmomin yabo da na suka: "nazari mai zurfi", "tsari mai kyau", "isassun hujjoji", "bayani mai rauni". Malamin da ya shekara goma yana duba takardu ya san abin da yake nufi da zurfi, domin ya ga ɗaruruwan ayyuka masu zurfi da marasa shi. Ɗalibin aji biyu bai gani ba. Idan ya tambayi kansa ko nazarinsa ya yi zurfi, zai ce ya yi, tunda ya kwana uku yana fama da shi. Wahalar da mutum ya sha ita ce take zame masa ma'auni, alhali ba ita malami zai auna ba.

Wani masanin ilimi ɗan ƙasar Ostireliya, Royce Sadler, ya yi rubutu a 1989 wanda har yau ake komawa gare shi a kan wannan batu. Ya nuna cewa ɗalibi ba zai iya gyara aikinsa da kansa ba sai abubuwa uku sun haɗu: ya san irin aikin da ake nema, ya iya gwada nasa da wancan, ya kuma san abin da zai yi ya cike giɓin da ke tsakani. Jadawalin maki yana ba da na farko, ko da yake a dunƙule. Na biyu da na uku su ne jerin dubawa yake samarwa, wato gajerun tambayoyi da ɗalibi zai amsa da e ko a'a yana kallon takardarsa, ya sa alama a gaban kowace. Dabarar duka ita ce a warware kowace kalmar yabo ta koma abin da za a iya ɗora yatsa a kansa cikin shafi.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauki asaimen na kwas ɗin adabin Hausa. Tambayar ita ce: a yi nazarin yadda Abubakar Imam ya yi amfani da taurari biyu wajen warware babban jigon Ruwan Bagaja, tare da misalai aƙalla uku daga cikin littafin. Umarnin ya ce kalmomi 1,500, an yarda a ragu ko a ƙaru da kashi goma cikin ɗari. Manazarta aƙalla biyar ban da littafin kansa, bisa tsarin APA. A buga da kwamfuta, harafi Times New Roman mai girman 12, a bar tazara biyu tsakanin layuka. A miƙa kafin ƙarfe 12 na ranar Juma'a, kuma duk kwana ɗaya na jinkiri za a cire maki 5.

Jadawalin ya raba maki 100 gida biyar. Fahimtar jigo 20, nazari da kafa hujja 35, amfani da manazarta 20, tsarin aiki 15, ƙa'idojin rubutu 10. Matakan kuwa irin waɗanda aka saba da su ne a yawancin jami'o'in Najeriya: A daga 70 zuwa sama, B daga 60 zuwa 69, C daga 50 zuwa 59, sai abin da ya yi ƙasa.

Abu na farko shi ne a raba takardar gida biyu, domin magana iri biyu ce a cikinta. Akwai dokoki, akwai ma'aunai. Dokoki su ne yawan kalmomi, girman harafi, adadin manazarta, rana da lokacin miƙawa. Waɗannan ba sa buƙatar wata warwara, kwafe su kawai za a yi, ɗaya bayan ɗaya, kowace a layinta. Sai dai a yi lissafin tun yanzu: kashi goma na 1,500 shi ne 150, don haka abin da za a rubuta a jeri shi ne "kalmomina suna tsakanin 1,350 da 1,650". Kuma a kula, dokoki ba sa zama wuri ɗaya. Wata tana cikin tambayar kanta, wata tana ƙasan jadawali da ƙananan haruffa, wata kuma malami ya faɗe ta da baki a aji. A misalinmu, "taurari biyu" da "misalai aƙalla uku" dokoki ne da suka laɓe cikin tambaya. Ɗalibin da ya rubuta shafi biyar masu daɗi a kan Alhaji Imam shi kaɗai, ya bar Malam Zurƙe, ya amsa rabin tambaya ne.

Inda aikin yake

Ma'aunai su ne masu wuya, kuma a nan ya kamata a zauna. Yawancin ɗalibai suna karanta jadawali daga sama zuwa ƙasa, su bi gidajen A kaɗai, su ce wannan nake so. Ya fi amfani a karanta shi a kwance, a ɗauki ma'auni ɗaya a bi shi daga C zuwa B zuwa A, ana neman abin da ya sauya daga gida zuwa gida. Wannan abin da ya sauya shi ne malami yake sayarwa da maki.

Ga layin nazari da kafa hujja, mai maki 35. A gidan C an rubuta cewa ɗalibi ya kawo misalai daga littafin, amma yawancinsu maimaita labari ne. A gidan B an ce ya kawo misalai masu dacewa, ya kuma bayyana alaƙarsu da jigo. A gidan A an ce nazari mai zurfi, misalai masu dacewa da aka danganta da jigo, tare da auna wata fahimta dabam. Idan aka jera su haka, sai kalmar "zurfi" ta daina ba da tsoro. Daga C zuwa B abu ɗaya ne ya ƙaru: bayan misali, a faɗi abin da misalin ya nuna game da jigo. Daga B zuwa A ma abu ɗaya ne: a kawo wata fahimta da ta saɓa wa taka, a auna ta. Gidan C kuma ya ba da kyautar da ba a cika lura da ita ba, domin ya faɗi laifin da malami ya fi gani, wato maimaita labari. Gidajen ƙasa su ne suke faɗa maka abin da za ka guje wa, shi ya sa tsallake su asara ce.

Yanzu sai a mayar da waɗannan tambayoyi. Kada a rubuta "na yi nazari mai zurfi", wannan kwafe jadawali ne kawai aka yi aka zana akwati a gabansa. A rubuta: "Bayan kowane misali, akwai jimla aƙalla biyu da ke bayyana abin da ya nuna game da jigo." A rubuta kuma: "Akwai sakin layi ɗaya da ya kawo wata fahimta dabam, ya faɗi dalilin da ya sa na karɓe ta ko na ƙi ta." Na uku, daga gidan C: "Babu sakin layin da labari ne zalla daga farkonsa zuwa ƙarshensa."

Bari a ga yadda tambaya ta farko take aiki a kan takarda. Ɗaliba ta ce babban jigon littafin shi ne naci wajen cim ma buri, sai ta rubuta: "Liman ya ambaci Ruwan Bagaja a fada a matsayin maganin ciwon ɗan sarki, aka wulaƙanta shi. Da Alhaji ya ji haka sai ya tashi neman ruwan. Ya bi garuruwa da yawa, ya haɗu da Malam Zurƙe, suka yi ta yi wa juna dabara." Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma Hausarta ba laifi. Amma idan ta zo kan jerinta ta nemi jimla biyu da ke bayyana abin da misalin ya nuna, ba za ta samu ko ɗaya ba. Malamin ya karanta littafin, wataƙila sau ashirin, ba labari yake nema ba. Sai ta koma ta ƙara: "Abin lura shi ne ba tausayin ɗan sarki ne ya fitar da Alhaji daga gida ba, kunyar da aka ba Liman ce. Wannan ya nuna cewa nacin da marubucin yake zanawa yana da tushe a kare mutuncin gida, shi ya sa wahalhalun hanya ba su isa su mayar da tauraron baya ba." Ko malami ya yarda da wannan fahimta ko bai yarda ba, sakin layin ya tashi daga gidan C. Yanzu akwai magana da ɗalibar ta faɗa da bakinta, wadda za a iya karɓa ko a musa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada wannan a aikin gaba ɗaya. A buga daftarin, a ɗauki biro kala biyu. Duk jimlar da ke ba da labarin abin da ya faru a littafi a ja mata layi da shuɗi, duk wadda ke faɗin abin da hakan ke nufi a ja mata da ja. Idan aka ɗaga shafin aka ga shuɗi ya mamaye, an san gidan da aikin yake zaune, tun malami bai gani ba.

Tambaya ta biyu, ta fahimta dabam, ita ce ɗalibai suka fi tsoro, suna ganin kamar su rusa ginin da suka yi ne. Ba haka ba ne. A misalinmu, wani zai iya cewa littafin nishaɗi ne da ban dariya tun farko, neman ruwan kuwa igiya ce kawai da aka ɗaure labarai da ita, hujjarsa kuma ita ce yawan shafukan da aka ba rikicin Alhaji da Zurƙe. Ɗaliba za ta kawo wannan da adalci, ta amince da abin da yake da ƙarfi a ciki, sannan ta faɗi dalilin da ya sa har yanzu take ganin naci ya rinjaya. Sakin layi ɗaya ne, kalmomi 150 ko ƙasa da haka, amma shi ne iyakar da jadawalin ya shata tsakanin B da A.

Ni ina ganin wannan layi ɗaya ya cancanci rabin lokacin da za a kashe wajen haɗa jerin, kuma lissafi ma ya goyi bayan haka. Wanda ya sami kashi 55 cikin ɗari a layi mai maki 35 ya tashi da kusan 19. Wanda ya sami kashi 75 ya tashi da kusan 26. Bambancin maki 7 ne. Irin wannan tsalle a layin ƙa'idojin rubutu, mai maki 10, maki 2 kacal yake kawowa. Jerin dubawa yana da wata illa a nan: ƙananan abubuwa sun fi sauƙin rubutawa, sai ka ga ɗalibi ya jera tambaya goma sha biyu a kan tazarar layi da lambar shafi, ya bar wa nazari tambaya ɗaya. Ya cika akwatuna da alamomi, ransa ya yi fari, alhali maki 35 suna can ba mai tsaronsu. Don haka a rubuta nauyin kowane ma'auni a gefen tambayoyinsa, a kuma tabbata mai nauyi ya fi samun kulawa.

Nauyin makin yana kuma faɗin yadda za a raba kalmomi. Idan aka ware 150 ga gabatarwa, 150 ga kammalawa, saura 1,200. Manazarta da tsari da ƙa'idojin rubutu ba su da sashe nasu na kansu, suna bazuwa ne ko'ina. Don haka jigo mai 20 da nazari mai 35 su za su raba 1,200 ɗin, kusan 430 da 770. Ba dole ne a bi wannan ƙwaya-ƙwaya ba. Amma ɗalibin da ya ƙirga ya ga ya kashe kalmomi 600 a kan tarihin Abubakar Imam da gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da littafin, ya san ya zuba jarinsa a inda jadawalin bai ajiye ko maki ɗaya ba.

Sauran layukan

Fahimtar jigo ba ta da tsawo. Gidan A ya ce an fayyace jigo sarai an kuma riƙe shi har ƙarshe. Tambaya biyu sun isa: shin akwai jimla ɗaya a gabatarwa da ta ambaci jigon ƙarara, kuma shin jigon da kammalawa ta ambata shi ne dai na gabatarwar? Abin yana da kamar wasa, amma mutum yakan fara da naci ya ƙare da ramuwar gayya bai sani ba, musamman idan kwanaki sun shiga tsakanin rubuta farko da ƙarshe.

Tsarin aiki shi ne inda ake samun kalmar "kyau" da "daidaituwa". Gwajinsa shi ne a karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, a jere. Idan sun ba da hujjar aikin a taƙaice, tsari ya tsaya. Idan biyu sun faɗi abu ɗaya, ko wata ta faɗo daga sama, an ga wurin gyara.

Manazarta na buƙatar ɗan tsayawa, domin ƙirga biyar ba shi ne ƙarshen magana ba. Jadawalin ya ce "amfani da manazarta", kuma gidan C ya siffanta wanda ya jera su a ƙarshe amma ba a ga aikinsu a ciki ba. Saboda haka tambayar ita ce ko kowace daga cikin biyar ɗin ta bayyana a cikin aikin tana tallafa wa wata magana. Sai dubawa ta fuska biyu: duk sunan da aka ambata a ciki yana cikin jerin manazarta, duk wanda ke jerin kuma an ambace shi a ciki, da shekara iri ɗaya. Tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, yana son a jera sunaye bisa abacada, a sa lambar shafi ga duk maganar da aka ɗauko kai tsaye, a kuma ware wadda ta kai kalmomi 40 a matsayin sakin layi na kanta. Littafi irin Ruwan Bagaja an sha sake buga shi tun fitowarsa, lambobin shafi ba lalle su zo ɗaya ba, don haka bugun da ke hannunka shi za ka rubuta.

Ƙa'idojin rubutu kuwa ba a duba su da tambaya irin "babu kuskure". Ido ba ya ganin kuskuren mai shi. A zaɓi kurakurai uku ko huɗu da aka san ana yawan yi, a neme su ɗaya-ɗaya. A Word, Ctrl+F zai nemo duk inda aka haɗe "shine" maimakon "shi ne", ko aka raba "ya na" maimakon "yana". Sai baƙaƙe masu ƙugiya: ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki, ɓari da bari. Waɗannan baƙaƙe sukan rikiɗe su koma akwatuna ko su sauya siffa idan an buɗe fayil a wata kwamfutar da ba ta da harafin da aka yi amfani da shi, abin da yakan faru a shagon buga takardu. Maganinsa a mayar da fayil PDF tun a gida, a buɗe shi a duba da ido.

Jerin kansa

Likitan tiyata Atul Gawande, wanda ya jagoranci aikin haɗa jerin dubawa mai abubuwa 19 na ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ya rubuta littafi a kan wannan fanni a 2009. Darussa biyu daga ciki sun dace da ɗalibi. Na ɗaya, jeri mai tsawo ba a bin sa, ana tsallake shi ne, don haka a taƙaita shi ga abubuwan da ake mantawa kuma suke da tsada. Na biyu, a raba shi bisa wuraren tsayawa. Jerin tiyatar ma kashi uku ne: kafin a sa wa majinyaci maganin barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. Haka na ɗalibi. Tambayar ko an auna wata fahimta dabam ba ta da amfani ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Juma'a, domin ko amsar a'a ce, lokacin gyara ya wuce. Ga yadda namu zai kasance.

Tsayawa ta farko, da gama daftari, kwana huɗu ko biyar kafin ranar miƙawa:

☐ Gabatarwa ta ambaci jigo a jimla ɗaya, kammalawa ta koma gare shi. (20)
☐ Taurari biyu duk sun sami sakin layi aƙalla ɗaya na nazari. (35)
☐ Misalai uku daga littafin, kowane da lambar shafinsa. (35)
☐ Bayan kowane misali akwai jimla biyu na abin da ya nuna. (35)
☐ Akwai sakin layin da ya auna wata fahimta dabam. (35)
☐ Babu sakin layin da labari ne zalla. (35)
☐ Jimlolin farko na sakin layuka suna ba da hujjar a jere. (15)

Tsayawa ta biyu, kwana biyu kafin miƙawa:

☐ Manazarta biyar, kowace an yi aiki da ita a ciki. (20)
☐ Sunaye da shekaru na ciki sun yi daidai da na jerin ƙarshe. (20)
☐ Duk maganar da aka ɗauko tana da alamar ɗauko da lambar shafi. (20)
☐ An nemo "shine" da "ya na", an duba baƙaƙe masu ƙugiya. (10)
☐ Kalmomi suna tsakanin 1,350 da 1,650.

Tsayawa ta uku, daren Alhamis:

☐ Harafi da girmansa da tazarar layi sun bi umarni.
☐ Suna da lambar rajista da sunan kwas suna shafin farko.
☐ An buɗe PDF an bi shafukan duka.
☐ Fayil ɗin da za a miƙa shi ne na ƙarshe, ba tsohon daftari ba.

Abubuwa goma sha shida ke nan, kuma babu tsayawar da ta wuce bakwai.

Akwai ƙa'ida ɗaya da, a ganina, ita ce take raba jerin gaskiya da na yaudarar kai: ba a sa alama daga ka. Kusa da kowane akwati a bar fili, a rubuta inda abin yake, misali shafi 3, sakin layi na biyu. Mutumin da ya gaji yana son ya gama zai sa alama ga duk abin da ya yi niyyar yi, ko bai yi ba, ba kuma ƙarya yake yi da gangan ba, a ransa yana ganin ya yi. Neman lambar shafi shi ne yake tilasta masa ya buɗe takardar. In da hali, a ba abokin karatu jerin da daftarin, shi ya nemo wuraren. Abin da ya nema bai gani ba, akwai yiwuwar malami ma ba zai gani ba. Dubawa ce kawai aikinsa, ba rubuta maka gyara ba, domin wannan ya shiga haɗa baki, wanda makarantu suke hukuntawa.

Abin da jerin ba zai yi ba

Wani lokaci za ka bi layi a kwance ka ga babu abin da ya sauya sai kalmar yabo: C ta ce matsakaici, B ta ce mai kyau, A ta ce mai kyau ƙwarai. Irin wannan jadawali bai faɗi komai ba, kuma laifin na wanda ya rubuta shi ne. Haka nan takardar umarni takan ci karo da jadawalinta, nan a ce manazarta biyar, can gidan A ya ce takwas. Ko a yi shiru a kan ko jerin manazarta yana cikin ƙidayar kalmomi. Kada a cike waɗannan guraben da zato. A sa musu alamar tambaya, a kai wa malami tun makon farko. Tambayar ma sai an iya yin ta. "Malam, me kake so mu rubuta?" ba ta samun amsa mai amfani. "Malam, a layin tsari, mene ne kake gani a takardar A wanda babu shi a ta B?" tana samu, kuma sau da yawa malamin zai ji daɗin cewa wani ya karanta jadawalin. Amsar da ya bayar a rubuta ta, a sanar da 'yan aji.

Iyaka ta biyu ta fi wannan nauyi. Sadler da kansa ya dawo a 2009 yana gargaɗi cewa ma'aunan da aka tsara tun farko ba sa kama duk abin da ke sa aiki ya yi kyau, kuma ƙwararren mai dubawa yana kallon aikin ne a dunƙule. Ɗalibi zai iya sa jimla biyu bayan kowane misali, su zama jimloli biyu marasa nauyi. Zai iya kawo fahimta dabam wadda ba wanda ya taɓa riƙewa, don kawai ya rushe ta cikin sauƙi. Akwatunansa duk za su cika, ya sami B, kuma malami bai zalunce shi ba. Jerin yana tabbatar da cewa kowane abu yana nan, ingancinsa kuwa yana zuwa ne daga karanta littafin da kyau da yin tunani a kansa. Saboda haka bayan an gama sa alamomi, a ajiye jerin, a karanta aikin sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe da murya, jadawalin asali yana gefe, a zaɓi gidan da ake ganin kowane layi ya faɗa, a rubuta makin da fensir.

Wannan makin na fensir a adana shi. Ranar da takarda ta dawo, a gwada shi da na malami layi-layi. Inda suka zo kusa, tambayoyin wannan layi sun yi aiki, za a iya ɗaukar su zuwa wani kwas da ɗan gyara. Inda ɗalibi ya ba kansa 26 malami ya ba shi 18, akwai wata kalma a gidan A da aka warware ba daidai ba. Sai a karanta abin da malamin ya rubuta a gefen shafi, a sake tambayar wannan layi, in kuma bai rubuta komai ba, a je ofishinsa da takardar da jerin, a nuna masa sakin layin da aka sa wa alama, a tambaye shi abin da ya rasa.